"Wallahi Kullum Bayan Magariba Ake Sa Shi"



A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, wata 'yar uwarmu ta karanta mana babi na uku na littafin da take rubutawa. Labarin yana faruwa ne a daminar 2005. A cikin babin, yaran unguwa sun cika falon maƙwabta maƙil, wasu a kan tabarma wasu a bakin taga, ana kallon Jumong bayan sallar Magariba. Rubutun ya yi daɗi, har muna jin kamar muna shaƙar ƙaurin janareto. Tana rufe baki wani yayanmu ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, amma akwai gyara. Jumong ba bayan Magariba ake sa shi ba, sai an idar da Isha'i." Wani daga baya ya ce shi dai ranar Lahadi da la'asar ya san shi. Ita kuma ta rantse cewa kullum bayan Magariba ne, don a lokacin take gudu daga wanke-wanke. Muka kwashe kusan rabin awa muna musu a kan agogo, kowa yana kafa hujja da abin da idonsa ya gani.

Duk cikinmu babu wanda ya lura da babban kuskuren. A daminar 2005 babu Jumong a ko'ina a duniya. Tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta fara nuna shi ne a watan Mayun 2006, ta kammala a watan Maris na 2007, kashi 81, dare biyu a mako, Litinin da Talata. Kafin ya iso garuruwanmu a faifai ko ta wata tasha, ballantana a kai ga fassara shi da Hausa, sai da aka ƙara ɗaukar lokaci. Su ukun da suke musu babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya faɗi lokacin da shirin ya iso gare shi ne, sai ya ɗauka shi ne lokacin shirin.

Ra'ayinmu ke nan a wannan makon: idan mutum ya ce "ana sa shi ƙarfe kaza", shaida ce mai ƙarfi a kan rayuwarsa, amma rarrauna ce a kan tarihin shirin. Kuma ba raunin ƙwaƙwalwarsa ne ya jawo ba, yadda ake cinikin shirye-shiryen talabijin ne yake haifar da haka. Za mu bi shiri guda ɗaya wanda aka adana tarihinsa dalla-dalla, mu ga yadda abin yake faruwa. Shirin na Amurka ne, kuma ya girmi iyayen wasunmu, amma darasin da ke cikinsa ya fi fitowa fili saboda ranakunsa a rubuce suke.

Star Trek labari ne na ma'aikatan wani jirgi da ke yawo a sararin samaniya. Babbar tashar NBC ta fara nuna shi ranar Alhamis, 8 ga Satumba, 1966, da ƙarfe takwas da rabi na dare. Zangon farko, kashi 29, a daren Alhamis ya gudana. Da aka shiga zango na biyu a 1967, sai aka mayar da shi daren Juma'a, ƙarfe takwas da rabi, kashi 26. A zango na uku, 1968, aka tura shi ƙarfe goma na daren Juma'ar, lokacin da matasan da suka fi sonsa ko dai sun fita yawo ko an kora su barci. Masu kallo suka ragu, tashar ta yanke shawarar rufe shi bayan kashi 24. Kashin ƙarshe ma ba a ranarsa ya fita ba. An shirya nuna shi ranar Juma'a 28 ga Maris, 1969, sai tsohon shugaban ƙasar, Dwight Eisenhower, ya rasu a wannan ranar, aka ɗage shirin saboda labaran rasuwar. Sai ranar Talata, 3 ga Yuni, 1969 aka nuna shi, da ƙarfe bakwai da rabi.

Mu tsaya a nan tukuna. Tun kafin a zo maganar maimaici, shirin da bai cika shekara uku ba ya zauna a gurbi huɗu: Alhamis, Juma'a da wuri, Juma'a da dare sosai, sai Talata. Mutum huɗu za su iya yin irin musun da muka yi, kowa da gaskiyarsa. A ƙara da cewa Amurka ba agogo ɗaya take bi ba, abin da mutumin New York ya gani takwas da rabi, mutumin Chicago ya gan shi bakwai da rabi. Kai, ko ranar farkon ma akwai ja a kanta, domin tashar CTV ta Kanada ta riga NBC da kwana biyu, ta nuna kashin farko ranar 6 ga Satumba.

To amma ba wannan ne ya fi rikita mutane ba. Abin da ya biyo bayan rufe shirin shi ne babban al'amari.

A tsarin talabijin na Amurka, idan shiri ya gama zamaninsa a babbar tasha, kamfanin da ya mallake shi yakan ba da hayarsa ga ƙananan tashoshin gari-gari. Kowace tasha ta biya kuɗinta, ta karɓi kwafinta, ta nuna a lokacin da ta ga dama. Babu wanda zai tilasta mata ranar Alhamis ko Juma'a. Su kuma waɗannan tashoshi matsalarsu ɗaya ce, suna da sa'o'i da yawa da za su cike, kuɗin shirya sabon abu kuma babu. Saboda haka suka fi son su ɗauki tsohon shiri su jera shi Litinin zuwa Juma'a a sa'a guda, ta yadda mai kallo ba ya buƙatar tuna rana, sa'ar kawai zai riƙe. Wannan ne ya sa ake son shiri ya tara kashi masu yawa kafin a ba da hayarsa, har 'yan kasuwar suka riƙa ɗaukar kashi ɗari a matsayin ma'auni. Star Trek bai kai ɗari ba, 79 gare shi, amma an karɓe shi a haka. Kamfanin Kaiser, mai tashoshi a wasu manyan birane, ya ɗauke shi da niyyar ya riƙa sa shi ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da manyan tashoshi ke karanta labarai, don ya kwashi waɗanda labarai ba su dame su ba, wato yara da matasa. Dabarar ta ci. A shekarun 1970 ne shirin da aka rufe saboda ƙarancin masu kallo ya zama abin da kowa ya sani, har aka yi masa babban taron masoya a New York a watan Janairun 1972, aka kuma yi fim ɗinsa na silima a 1979.

Yanzu mu ɗauki biro mu yi lissafi, domin a nan asirin yake. Kwana biyar a mako, mako 52, ya ba mu nuni 260 a shekara. A raba 260 da 79, za a ga ana zagaye shirin gaba ɗaya fiye da sau uku a shekara guda. Wato duk bayan kamar mako goma sha shida, an koma farko. Mu ƙaddara wani yaro ya kalli zangon farko tare da mahaifinsa a daren Alhamis a 1966, bai tsallake ko ɗaya ba. Sau 29 ke nan. Sai kuma ya girma a garin da tasharsu ke sa shi kullum ƙarfe shida, ya yi shekara huɗu yana dawowa daga makaranta yana tarar da shi. Ko da rabi kawai ya kalla, ya haura sau ɗari biyar. Idan aka tambaye shi bayan shekara talatin, "Yaushe ake sa Star Trek?" me muke tsammanin zai ce? Ashirin da tara ba za ta yi kokawa da ɗari biyar ba. Zai ce ƙarfe shida, kullum, lokacin ana haɗa abincin dare. Zai kuma ce shirin shekarun 1970 ne, alhali an daina shi kwana 47 kafin ɗan Adam ya taka wata a watan Yulin 1969.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu riƙe. Nunin asali sau ɗaya yake zuwa, maimaici kuwa ba shi da iyaka, ita kuma ƙwaƙwalwa ƙuri'a take ƙirgawa. Wanda ya fi yawa shi ke cin zaɓe.

Akwai dalili a yadda aka halicci tunaninmu. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holand, Willem Wagenaar, ya yi gwaji a kan kansa. Ya shafe shekara shida yana rubuta abubuwan da suka faru da shi, kusan guda 2,400, kowanne da bayanin wa, da me, da ina, da yaushe. Daga baya ya riƙa ba kansa bayani ɗaya ya ga ko zai tuno sauran. A sakamakon da ya wallafa a 1986, bayanin "yaushe" shi ne mafi rashin amfani a cikin huɗun. Kwanan wata shi kaɗai kusan ba ya buɗe masa komai. Ma'anar wannan ita ce ba ma ajiye abin da ya faru da tambarin kwanan wata a jikinsa kamar hoton waya. Idan aka tambaye mu lokaci, gini muke yi nan take. Mu duba a wane gida muke zaune a lokacin, aji nawa muke, wa ke kusa da mu, akwai hasken rana a taga ko babu, sai mu fitar da amsa. Kuma idan abu ya maimaitu sau ɗari a wuri ɗaya, ba ma riƙe ɗari ɗin daban-daban. Sukan narke su zama hoto guda: ni, a kan tabarma, Inna tana kwashe tuwo, kiɗan buɗe shiri yana tashi. Hoton gaskiya ne, amma ba na wata rana takamaimai ba ne. Shi ya sa mai irin wannan tunanin yake rantsuwa ba tare da ɗar ba. Yawan maimaicin da ya goge masa ranar asali shi ne kuma ya sa hoton ya yi masa tsaf a ido.

Wani lokaci maimaici ba sa'a kaɗai yake sauyawa ba, har nau'in shirin yake sauyawa a idon mutane. The Jetsons katun ne da tashar ABC ta fara a watan Satumban 1962, daren Lahadi, lokacin da manya ke zaune gaban akwati. Kashi 24 kacal aka yi, aka tsaya a 1963. Daga nan sai aka yi ta juya waɗannan 24 ɗin a safiyar Asabar, lokacin yara, har kusan shekara ashirin, ba a ƙara sababbi ba sai 1985. Amurkawa da dama sun tashi da yaƙinin cewa shirin safiyar Asabar ne mai ɗaruruwan kashi. Mu ma muna da namu a gida. Da yawanmu mun ɗauka Tom and Jerry sa'anmu ne, tare muka taso. Alhali na farkonsa ya fito a 1940, kuma guda 114 da William Hanna da Joseph Barbera suka yi har zuwa 1958 don gidajen silima aka yi su, ana haska su kafin babban fim, manya da yara a zaune. Mr. Bean kuma da muke ganin kamar ba ya ƙarewa, na asalin da Rowan Atkinson ya fito da jikinsa kashi 15 ne kacal, tsakanin 1990 da 1995. Sau nawa muka kalli wanda kansa ya maƙale a cikin talotalo? Mu dai mun daina ƙirgawa.

Mu koma kan Star Trek, domin akwai wani ɓangare da marubuta za su fi jin daɗinsa, wato jerin labari. Kashin da NBC ta buɗe da shi, "The Man Trap", ba shi aka fara ɗauka ba. An zaɓe shi ne daga cikin waɗanda suka kammala don ana ganin zai fi jan hankali. Kashin gwajin da ya sa tashar ta amince da shirin, "Where No Man Has Gone Before", shi aka nuna na uku, ranar 22 ga Satumba. Saboda an ɗauke shi tun kafin a daidaita komai, tufafin ma'aikatan jirgin sun bambanta, kuma likitan jirgin, McCoy, wanda masu kallo suka gani mako biyu a jere, babu shi, wani likita ne a wurin. Mako na gaba sai ga McCoy ya dawo kamar ba abin da ya faru. Akwai ma wani kashin gwajin da ya riga wannan, "The Cage", wanda tashar ta ƙi karɓa. An yanko yawancinsa an cusa cikin wani labari mai kashi biyu a watan Nuwamban 1966, amma shi kansa ba a nuna shi cikakke a talabijin ba sai 1988. Don haka akwai mutanen da za su rantse sun kalle shi a 1966. Hotunan sun gani, shirin ba su gani ba.

Da shirin ya tsallaka Birtaniya sai aka sake lale. BBC ta fara nuna shi ranar Asabar, 12 ga Yuli, 1969, da yamma, bayan an riga an rufe shi a Amurka, kuma ta fara da wancan kashin gwajin da Amurkawa suka gani na uku. A lokacin tashar BBC1 ba ta fara watsa launi ba, sai a watan Nuwamban shekarar, saboda haka farkon ganin da Birtaniyawa suka yi wa shirin da aka ɗauka da launi a baƙi da fari ne. Akwai kuma wasu kashi da BBC ta ƙi nunawa saboda tana ganin ba su dace da yara ba, ba su fito a tashar ba sai shekarun 1990. Idan Ba'amurke da Baturen Ingila suka zauna hira a kan wane ne kashin farko, wace rana, wace shekara, da launi ko babu, ba za su daidaita a ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

A wajenmu akwai wasu abubuwa biyu da suke ƙara dagula lissafin, waɗanda Wagenaar bai yi fama da su ba. Na farko, mu ba da agogo muke auna yamma ba, da salla muke aunawa, ita kuwa salla rana take bi. A Kano, faɗuwar rana takan kasance wajen ƙarfe shida a ƙarshen Nuwamba, ta kai kusan bakwai saura 'yan mintuna a farkon Yuli. Shirin da tasha ta kafe a shida da rabi, ba ta taɓa motsa shi ba, zai zama "bayan Magariba" ga wanda ya fi kallonsa da sanyi, ya zama "kafin Magariba" ga wanda ya fi kallonsa da damina. Ga kuma azumi, wanda tashoshi kan sauya jadawalinsu saboda shi, shi kuma yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Wanda ya ce "a azumin da aka yi zafi sosai ne" ya ba mu zango na shekaru, bai ba mu shekara ba. Masu zuwa gidan kallo sun san irin wannan ta wata fuskar. Wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila ƙarfe uku ne a nan a watan Agusta, amma ƙarfe huɗu ne a Disamba, saboda su suna juya agogonsu mu ba ma juyawa. Ɗan uwanmu na Kumasi kuma yana bayanmu da awa guda a kowane lokaci.

Na biyu shi ne wuta. Mutumin da wuta ba ta yanke masa yakan kalli nunin farko. Mu kuwa sau da yawa wuta ce take zaɓa mana. Idan tasha tana sa sabon kashi da dare ta maimaita washegari da rana, unguwar da ake ba wuta da rana ba ta san wani nunin dare ba, a wajenta shirin na rana ne. Unguwa biyu a gari ɗaya, tasha ɗaya, shekara ɗaya, amsa biyu. Da aka zo zamanin faifai da tura fim a waya kuma sai lokacin ya zama na mai gida, ko na mai shagon da ya kunna janareto.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a wancan zaman. Wani malaminmu ya ce, "To in haka ne, ina laifin yarinyar nan? Ai ba tarihin Koriya take rubutawa ba. Abin da yaran unguwarsu suka gani take rubutawa, su kuma bayan Magariba suka gani." Wannan magana tana da nauyi, kuma mun yarda da rabinta. Haƙiƙa ba a gyara wa mutum sa'ar da ya yi kallo. Mu kanmu muna ganin rayuwar Star Trek ta gaske ita ce ta ƙarfe shida a ƙananan tashoshi, domin a can ya sami mutanensa. Wanda zai zo ya ce wa mai tuna ƙarfe shida "ka yi kuskure, Alhamis ne" ya san jadawali amma bai san masu kallo ba. Yayanmu da ya ɗaga hannu ya yi irin wannan kuskuren, ya ɗauki Isha'in gidansu ya mayar da ita doka a kan kowa.

Inda muka rabu da malam shi ne shekara. Sa'a tana iya zama kowace, saboda maimaici yana iya ajiye shiri a ko'ina cikin yini. Amma maimaici gaba kawai yake tafiya. Yana iya kai shirin 1966 zuwa 1975, ba zai taɓa kai shirin 2006 zuwa 2005 ba. Ranar nunin farko katanga ce, duk abin da aka ce ya faru kafin ita bai faru ba, komai rantsuwar mai rantsuwa. Kuma mai karatu guda ɗaya da ya san wannan ya isa ya sa a fara shakkar sauran littafin, har da wuraren da marubuciyar ta yi gaskiya. Abin ya fi tsanani idan muka zo rubuta tarihin wasanninmu na gida, irin su Samanja da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, waɗanda iyayenmu ke ba mu labari. Idan dattijo ya ce mana "ina aji uku na sakandare ake yinsa", abin da muka samu tabbas shi ne shirin ya wanzu zuwa wannan shekarar. Ko a lokacin aka fara shi, ko maimaici ya tarar, wannan tambaya ce ta daban, kuma sai mun yi ta.

Ana iya gane tunanin da maimaici ya gina tun daga yadda ake faɗinsa. Babbar alama ita ce kalmar "kullum". Wasan da ake ɗauka ana nunawa sabo-sabo da wuya ya wuce sau ɗaya ko biyu a mako, sai dai irin dogayen wasannin Indiya da na Latin Amurka da aka gina su don kullum. Idan mutum ya ce kullum yake kallon shirin da aka san na mako-mako ne, to kusan tabbas tarin tsofaffi ya tarar. Haka idan ya kasa faɗin yadda labarin ya fara da yadda ya ƙare, amma yana iya kawo wani kashi guda kalma da kalma, ko ya ce jarumin yau yaro ne gobe babba jibi ya koma yaro. Harshe ma shaida ne, in da Hausa ya ji shi alhali ba da Hausa aka yi shi ba, to akwai tazara tsakaninsa da asali, ko ta wata ko ta shekaru. Tambayar da ta fi amfani ba "yaushe" ba ce, tunda mun ga ita ce mafi rauni. A tambaye shi a wane gida, a wace irin talabijin, wa ya kunna, wane talla ake sakawa a tsakiya, ƙanensa an haife shi ko tukuna. Daga waɗannan ne shekara take fitowa da kanta.

Takarda ma tana da iyakarta, kada mu ɗauka ta fi mutum a komai. A ƙarshen yawancin shirye-shiryen Turai akwai shekara a rubuce, sau da yawa da lambobin Rumawa, kamar MCMLXVI wato 1966, amma wannan shekarar da aka yi shi ce, ba wadda aka nuna shi ba. Kwanan watan da ke ƙarƙashin bidiyo a YouTube ranar da wani ya ɗora shi ce. Jadawalin da jarida ta buga kuma niyya ce, ba aiki ba. BBC ta zuba jadawalin mujallarta ta Radio Times daga 1923 zuwa 2009 a rumbun da ta kira Genome, kowa na iya bincikawa, amma abin da aka shirya nunawa yake faɗi. Duk jaridar Amurka da ta riga ta buga jadawalin daren 28 ga Maris, 1969 kafin labarin rasuwar Eisenhower ya iso, za ta nuna Star Trek ƙarfe goma, kuma ba a nuna shi ba. A irin wannan wurin, tsohon da ya ce "na zauna jira sai na ga labarai" ya fi jaridar gaskiya.

Ita dai 'yar uwar tamu ba ta taɓa Magaribarta ba, kuma mun goyi bayanta. Shekarar ce ta zame mata aiki, domin ta ɗaure labarin da auren yayarta, wanda ta tabbata a 2005 aka yi. Da ta koma gida ta tambayi mahaifiyarta, sai aka gano falon da take tunawa ba na maƙwabtan tsohon gidansu ba ne, na gidan da suka koma ne bayan shekara huɗu, kuma ba tasha ce take sa shirin ba, ɗan masu gidan ne yake kunna faifai idan ya dawo daga masallaci. Yanzu tana da zaɓi biyu, ko ta matsar da babin gaba, ko ta nemo abin da yaran suke kallo da gaske a daminar 2005. Ta ce mana ta fi karkata ga na biyun, kuma ta riga ta fara bin yayyenta ɗaya bayan ɗaya da tambaya.